Yadda ake ƙiyasta tsayin majinyacin da ba ya iya miƙewa: awon gwiwa da awon gaba

Wata tsohuwa da aka kwantar a ɗakin mata na asibitin da nake aiki a Gusau ce ta sa na daina yarda da duk lambar da na gani a gurbin tsayi na katin majinyaci. Bayanta ya rankwafa sosai, idan ta tsaya ƙasa take kallo. Ranar da aka karɓe ta an jingina ta da sandar awo, aka rubuta santimita 143, sikeli kuma ya nuna kilo 43. Da aka buga lissafin BMI, wato nauyi a raba da tsayi a mita sau kansa, ya ba da 21, aka ce jikinta daidai yake. Amma duk wanda ya ɗaga mayafinta ya ga damtsenta ya san ba daidai take ba. Doron ne ya cinye tsayin, tsayin da ya ragu kuma ya ɓoye ramar.

Tsufa da ciwon ƙashin baya suna rage tsayin mutum ne ta gadon baya: faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna motsewa, ƙasusuwan kansu suna iya dannewa, bayan ya lanƙwashe. Dogayen ƙasusuwan ƙafa da na hannu kuwa, da zarar mutum ya gama girma, kusan yadda suke haka za su zauna. Shi ya sa ake auna su a maido da tsayin da mutum zai kai da a ce zai iya miƙewa. Hanyoyi biyu nake amfani da su, tsayin gwiwa da gaba, wato faɗin hannuwa biyu a buɗe, kuma idan ƙafa lafiya take da gwiwa nake farawa.

Kafin a taɓa majinyaci

A nan ƙasarmu ba a zuwa kan mutumin da ke kwance da abin awo a hannu ba tare da magana ba. Kowa ya san da kara ake auna mamaci kafin a tafi haƙa kabari, kuma tsofaffi ba su manta da wannan ba. Ranar da na nufi gadon tsohuwar nan da tef da katako, kallona ta yi ta ce, "Ɗiyata, mi za ki auna kuma? Ai da sauran numfashi." Muka yi dariya, amma ba wasa kaɗai take yi ba. Na ce mata, "Inna, ƙafarki kawai zan auna, daga diddige zuwa gwiwa, don mu san yawan abincin da jikinki yake buƙata." Sai ta saki jiki. A faɗi abin da za a yi da dalilinsa, a ja labule, mace ta auna mace in da hali, mai jinya kuma ta tsaya kusa. Za a buɗe ƙafa ne zuwa ɗan saman gwiwa kawai, sauran jiki a bar shi a rufe da zani.

Abin awon na asali wani ma'auni ne da ake kira kalifa: doguwar sanda mai lambobin santimita, da baki biyu masu faɗi, ɗaya kafaffe a ƙasa, ɗaya yana zamewa sama da ƙasa. Ɗakunan jinya da yawa ba su da shi. Idan babu, allunan katako biyu masu santsi da tef sun isa, sai sukwayar kafinta don tabbatar da kusurwa. Tef ɗin ya zama wanda ba ya miƙewa. Tef ɗin tela da ya daɗe a aljihu yakan saki, saboda haka a ɗora shi kan rula ta ƙarfe ko ta katako a ga ko santimita 30 ɗinsa ta yi daidai da ta rular. A kuma lura da gefen da ake karantawa, domin ɗaya inci ne ɗaya santimita, lissafin nan kuwa duk na santimita ne.

Awon gwiwa

Ana auna ƙafar hagu, sai idan ita ce mai matsala, sannan a koma ta dama a rubuta haka a kati. A cire takalmi da safa. Majinyaci ya kwanta rigingine. Mataimakiya ta ɗaga ƙafar ta tallabe ta, a lanƙwasa gwiwa har cinya da ƙwauri su yi kusurwa irin ta ƙusurwar ɗaki, digiri 90. Idon sawu ma haka: tafin ƙafa ya yi digiri 90 da ƙwauri, kamar mutum ya taka ƙasa. Kada a yarda da ido a nan. A ɗora sukwaya a gefen gwiwa a gani. Idan babu sukwaya, kusurwar littafi mai kauri tana yin aikin. Wanda zai iya zama a bakin gado ko kujera, ana iya auna shi a zaune, tafin ƙafarsa a shimfiɗe a ƙasa ko kan wani dakali, kusurwoyin nan biyu dai ba sa canzawa.

Sai a sa baki ɗaya na ma'aunin, ko allo ɗaya, a ƙarƙashin diddige. Ɗayan a kwantar da shi a kan cinya ta gaba, kamar santimita 3 sama da ƙoƙon gwiwa, wato faɗin yatsu biyu. Wannan wurin shi ne inda aka fi yin kuskure. Mutane suna jin "tsayin gwiwa" sai su tsaya a tsakiyar ƙoƙon gwiwa ko ma ƙasansa. Abin da ake so shi ne saman cinya yayin da gwiwa take lanƙwashe, inda kan ƙashin cinya yake zaune. Wanda ya tsaya a ƙoƙon zai rage santimita huɗu ko biyar, kuma da yake ana ninka lambar kusan sau biyu a lissafi, sai majinyaci ya rasa santimita bakwai ko takwas na tsayinsa a banza.

Sandar ma'aunin, ko tef, ta bi gefen ƙafa na waje, ta wuce ta kan ƙashin idon sawu na waje, tana tafiya daidai da ƙwauri ba tare da karkata ba. A danna allon sama kaɗan don tsokar cinya ta kwanta, ba dannawar da za ta sa mutum ya yi ƙara ba. Idan da alluna ake yi, tsakanin fuskokinsu na ciki ake aunawa, kada a haɗa da kaurin katakon, kuma a tabbata allunan biyu suna fuskantar juna sosai, ɗaya bai sunkuya ba. Aikin mutum biyu ne, uku ma ya fi: ɗaya ta riƙe ƙafa, ɗaya alluna, ɗaya ta karanta.

A karanta a rubuta nan take. Sannan a sauke ƙafar, a sake komai daga farko, a sake karantawa. Idan bambancin awo biyun bai wuce rabin santimita ba, a haɗa su a raba biyu. Idan ya wuce, wani abu ya motsa, a yi na uku. Na Inna ya ba da 48.6 da 48.8, muka ɗauki 48.7.

Lissafin

Lissafin da aka fi sani na wani mai bincike ne ɗan Amurka, Chumlea, da abokan aikinsa. Na farkon ya fito a 1985, an gina shi ne a kan tsofaffin fararen fata, kuma shi ne aka fi kwafa a littattafan makaranta. A 1998 suka fitar da wasu daga babban binciken lafiya na ƙasar Amurka, suka ware na baƙar fata daban. Wannan nake ɗauka ga masu shekara 60 zuwa sama, domin shi ya fi kusa da mu, ko da yake baƙar fatar Amurka ba Bazamfare ba ne:

```
Mace:   tsayi = 89.58 + (1.61 × gwiwa) − (0.17 × shekaru)
Namiji: tsayi = 79.69 + (1.85 × gwiwa) − (0.14 × shekaru)
```

Ga manyan da ba su kai 60 ba, daga shekara 18, akwai na 1994, shi ma na baƙar fata:

```
Mace:   tsayi = 68.10 + (1.86 × gwiwa) − (0.06 × shekaru)
Namiji: tsayi = 73.42 + (1.79 × gwiwa)
```

Yara suna da nasu daban, kada a sa yaro a ɗaya daga cikin waɗannan.

Shekaru kuma wani aiki ne. Inna ba ta da takardar haihuwa, katin asibiti ya ce 60, jikarta ta ce ta haura 80. Na tambaye ta abin da take tunawa. Ta ce lokacin da aka kashe Sardauna, wato 1966, tana 'yar talla ba a yi mata aure ba, lokacin canjin kuɗi zuwa naira kuwa, 1973, tana goyon ɗanta na biyu. Da wannan muka tsayar da 72. Ba sai an tayar da hankali a kan wannan ba: kuskuren shekara goma cur a lissafin mace santimita 1.7 kawai yake jawowa, kusan daidai da kuskuren santimita ɗaya a awon gwiwa. Gara a kashe ƙarfin a kan kusurwar gwiwa da wurin ɗora allo.

Ga nata:

```
1.61 × 48.7 = 78.41
0.17 × 72   = 12.24
89.58 + 78.41 − 12.24 = 155.75
```

Kusan santimita 156 ke nan, ba 143 ba. Kilo 43 a kan wannan tsayin ya ba da BMI 17.7, ƙasa da 18.5 da ake ɗauka iyakar rama. Mace ɗaya, sikeli ɗaya, rana ɗaya, amma katin ya tashi daga "daidai" zuwa "tana buƙatar ƙarin abinci".

Sai dai kada a ɗauki 155.75 kamar an auna ta da sanda. Ƙiyasi ne. Kuskuren da aka saba samu a waɗannan lissafai ga mutum ɗaya ya kai kusan santimita 4 sama ko ƙasa, wani lokaci har ninkin haka. Idan ainihin tsayinta 160 ne, BMI ɗinta 16.8. Idan 152 ne, 18.6, wato tana bakin iyaka. Shi ya sa ban tsaya nan ba. Na auna kewayen damtsenta a tsakiyar tazarar kafaɗa da gwiwar hannu, na samu 21.5. A wurin babba, damtsen da bai kai 23.5 ba yana nuna BMI ɗin da wuya ya kai 20. Shaidu biyu sun haɗu a wuri ɗaya, ga kuma abin da ido yake gani. A kati na rubuta "156, ƙiyasi daga gwiwar hagu 48.7", domin wanda zai karɓi aiki da dare ya san inda lambar ta fito, kada ya sake jingina ta da sanda ya goge.

Inda gwiwa ba ta aunuwa

Akwai ƙafafun da ba a ɗora musu wannan lissafi. Wanda shan-inna ya shanye wa ƙafa tun yana yaro, ƙashin bai yi tsawon da ya kamata ba. Mai ƙafar da ta gwame sosai, mai karaya a ƙwauri ko cinya, wanda aka yanke wa ƙafa, wanda gwiwarsa ko idon sawunsa ya ƙage saboda daɗewa a kwance har ba ya kai digiri 90, duk haka. Kumburin ƙafa mai yawa da ƙiba a cinya suna ƙara lambar, domin allon yana zama kan ruwa ko kitse ne. Idan ƙafa ɗaya ce mai matsala, a auna ɗayar. Idan duka biyun ne, a koma hannu.

Gaba dai mun san ta tun kafin zuwan tef: ita ce faɗin hannuwa biyu a buɗe, wadda ake auna igiyar guga da zurfin rijiya da ita. A jikin mutum, gabarsa tana kusa da tsayinsa. Wanda zai iya tsayawa ko zama, a jingina bayansa da bango, ya buɗe hannuwa daidai kafaɗa, tafukan suna kallon gaba, a sa alama a bango a ƙarshen dogon yatsa na kowane hannu, a auna tsakani. Amma majinyacin da ke kwance da wuya ya iya buɗe duka biyun, gadon ma bai kai faɗin ba, mai doro kuma bayansa ba ya kwanciya a bango. Saboda haka rabin gaba ake aunawa.

A lalubo ɗan ramin da ke gindin wuya ta gaba, tsakanin ƙasusuwan wuya biyu, a saman ƙashin ƙirji. Tsakiyarsa ne mafari. A miƙe hannu ɗaya zuwa gefe, daidai da kafaɗa, ba sama ba, ba ƙasa ba, ba kuma gaba ba. Mataimakiya ta tallabi gwiwar hannun da wuyan hannun don kada su lanƙwashe. A ja tef daga ramin, ta kan kafaɗa da cikin hannu, har ƙarshen dogon yatsa. Ƙarshen tsoka, ba ƙarshen farce ba. Shi ma sau biyu. Mai shanyewar ɓarin jiki a auna masa hannun da ke da lafiya, kada a ja wanda ya shanye da ƙarfi, kafaɗarsa tana saurin gocewa.

A nan akwai awo biyu masu kama da juna da ake yawan rikitawa. Wanda na bayyana, mai kaiwa ƙarshen yatsa, shi ake ninkawa biyu a samu cikakkiyar gaba. Ɗayan yana tsayawa ne a gindin yatsu, a kwarin da ke tsakanin dogon yatsa da yatsan zobe, kuma ba a ninka shi, lissafin Bassey na 1986 ake sa shi a ciki:

```
Mace:   tsayi = (1.35 × awo) + 60.1
Namiji: tsayi = (1.40 × awo) + 57.8
```

Bambancin awon biyu tsawon yatsa ne, santimita bakwai zuwa takwas. Wanda ya ɗauki mai kaiwa ƙarshen yatsa ya sa a lissafin Bassey ya ƙara wa majinyaci santimita goma ko fiye. Wanda ya ninka mai tsayawa a gindin yatsu ya rage masa wajen goma sha biyar. Amfanin na gindin yatsu shi ne yana yiwuwa ko ga tsohon da yatsunsa suka ƙandare.

Don in gwada, na auna Inna ta nan ma. Zuwa ƙarshen yatsa 80.5, ninki biyu 161. Zuwa gindin yatsu 73, lissafin Bassey ya ba da kusan 158.7. Gwiwa ta ce 156. Lambobi uku, kuma ba abin mamaki ba ne gaba ta fi kowa tsawo. Dalili ɗaya, ninka rabin gaba ba ya rage komai saboda shekaru, tsayin ƙuruciya yake nunawa. Na biyu, an daɗe da lura cewa a baƙar fata hannuwa sun fi tsawo idan aka kwatanta da gangar jiki, gaba takan zarce tsayi fiye da yadda take yi a Turawa. Lissafin Bassey kansa a kan mutanen Birtaniya aka gina shi. Wanda ya ɗauki gaba a matsayin tsayi kai tsaye a nan zai riƙa ƙara wa majinyata tsayi, BMI ɗinsu ya riƙa faɗuwa ƙasa da gaskiya. A ganina idan lambobin suna tsakanin santimita biyar da juna, a riƙe ta gwiwa. Idan sun yi nisa fiye da haka, a sake awon duka kafin a zargi lissafin, domin galibi hannu ne ya sauka ƙasa da kafaɗa ko allo ya zame.

Akwai gyaran da kowane ɗakin jinya zai iya yi wa kansa cikin mako guda. A samu manya masu lafiya da ke miƙewa sosai, ma'aikata da masu jinya, kamar talatin maza talatin mata. A auna tsayin kowa a tsaye ba takalmi, a auna gabarsa, a raba gaba da tsayi, a fitar da matsakaicin maza daban na mata daban. A ce na maza ya fito 1.04. Idan aka kawo saurayin da tarin fuka ya ci wa ƙashin baya, ƙafafunsa sun ƙage, rabin gabarsa 88.5, to gabarsa 177 ce, a raba da 1.04 a samu kusan 170. Da an rubuta 177 ɗin, da an ƙara masa santimita bakwai. Wannan ba binciken da za a buga ba ne, amma na mutanen da ke shigowa ƙofarku ne. A wannan zaman kuma a auna gwiwoyinsu da allunan da kuke amfani da su, a ga ko lissafin yana kusantar tsayinsu na gaskiya. Idan kullum yana ragewa ko ƙarawa da yawa, ko dai hannun mai awon ne ko allunan.

Wanda yake kwance amma bayansa da ƙafafunsa a miƙe suke, kamar wanda ya suma bayan haɗari kuma likita ya yarda a motsa shi, ba ya buƙatar duk wannan. A cire matashi, a daidaita gado, a sa allo a saman kai da wani a tafin ƙafa, a yi alama a zanin gado a auna. Lambar takan ɗan fi tsayin tsaye, amma ta fi ƙiyasi kusa.

Inda santimita kaɗan suke da nauyi shi ne wurin majinyacin da za a sa wa injin numfashi, domin yawan iskar da ake hura masa daga tsayi ake lissafa shi, ba daga nauyin sikeli ba. Ana fara fitar da nauyin da ya dace da tsayin:

```
Mace:   45.5 + 0.91 × (tsayi − 152.4)
Namiji: 50 + 0.91 × (tsayi − 152.4)
```

Ga Inna, 156 zai ba da kusan kilo 49, 143 kuma kilo 37. A mililita 6 ga kowane kilo, bambancin ya wuce mililita 70 a kowane numfashi. A irin wannan hali a miƙa wa likita lambar tare da hanyar da aka samo ta, da lambar gwiwar ko ta hannun kanta, ya kuma san cewa mai doro huhunsa ba lallai ya sami wurin buɗewa kamar na miƙaƙƙen mutum mai wannan tsayin ba.

Inna ba ta kai ga injin ba. An ƙara mata kunun gyaɗa da madara tsakanin abinci, da ƙwai da safe, ana ɗora ta a sikeli duk mako. Tsayin ba a sake auna shi ba, domin ƙwauri ba ya canzawa a wata ɗaya: 156 ɗin da ke kati ita ake raba kowane sabon nauyi da ita. Ranar da aka sallame ta tana kilo 45, ta hango allunan a ƙarƙashin teburina ta ce wa jikarta, "Ga karan awon can, ɗauko mani sandata mu tafi tun ba su sake ba."